Wace siga ɗalibi ya karanta? Manazartan da ba littafi ba a tsarin APA

Duk lokacin da kakar kare kundaye ta zo, akwai al'adar da kusan kowane ɗalibin mastar ya sani. Ɗaya daga cikin malaman juri yakan juya kundin ta baya, ya buɗe shafukan manazarta, ya shiga yi musu jan biro: nan waƙafi ya ɓace, can an sa aya inda bai kamata ba, wancan take kuma ba a kwantar da shi da rubutun italik ba. Gyaran yana da amfaninsa, sai dai yakan tsaya a fata. Da wuya a ji an tambayi ɗalibi wace siga ta aikin ya riƙe a hannunsa lokacin da yake rubutu. Ga littafi da maƙalar mujalla tambayar ba ta da nauyi sosai, domin yawanci siga ɗaya ce ke yawo. Amma kundin digiri, da rahoton hukuma, da takardar taro, da maƙalar da ba a kai ga bugawa ba, da rumbun bayanai, kowannensu yakan rayu cikin siga biyu ko uku, kuma sigogin ba sa faɗin abu ɗaya. Aikin layin manazarta a irin waɗannan wurare shi ne ya nuna wadda aka karanta. Layin da ya kasa yin haka ya gaza, ko da kowane waƙafi yana mazauninsa.

Tsarin da za a bi a nan shi ne na APA, bugu na bakwai, wanda ya fito a ƙarshen 2019, da kalmomin bayani cikin Faransanci kamar yadda ɗaliban da ke rubutu da wannan harshe suka saba. Masana ilimin harsuna suna da nasu tsarin, wanda editocin mujallu suka haɗu a kansa a 2007, kuma ba shi da wata kasawa. Abin da ya sa APA ya dace da wannan bayani shi ne ya tanadi gurbi na musamman, wato baka mai kusurwa bayan take, inda ake faɗin ko wane irin abu ne aikin. Dukkan tsarin ya ginu a kan tambayoyi huɗu: wa ya yi aikin, yaushe, mene ne sunansa, a ina za a same shi. A littafi amsoshin suna rubuce a bango. A sauran ayyukan sai an nemo su.

A ɗauki ɗalibi a Tawa da ke nazarin karin harshen Adar. Ba makawa zai ci karo da sunan Bernard Caron, wanda ya kare kundinsa na doktan ƙasa a Jami'ar Paris 7 a 1987 a kan Hausar wannan yanki, sannan aikin ya fito a matsayin littafi a Balin a 1991. Ayyuka biyu ne, da take biyu, da shekara biyu, kuma ga yadda kowanne yake shiga manazarta:

```
Caron, B. (1987). Description d'un parler haoussa de l'Ader
    (République du Niger) [Thèse de doctorat d'État inédite].
    Université Paris 7.

Caron, B. (1991). Le haoussa de l'Ader. Dietrich Reimer.
```

A layukan biyu take ne ake kwantarwa da italik. Abin da ke cikin baka mai kusurwa ana barinsa tsaye, domin bayani ne a kan aikin, ba ya cikin sunan da marubuci ya raɗa masa. Haka nan bugu na bakwai ya daina neman sunan garin da aka buga littafi, shi ya sa Balin bai fito a layi na biyu ba.

Inda ake tuntuɓe sananne ne. Ɗalibin ya sami fotokofin wasu shafuka daga hannun wani da ya riga shi, ba bango, ba shafin farko. Ya ɗauko misalin jimla daga ciki, ya rubuta lambar shafin da ya gani, sannan ya duba manazartan wata maƙala ya kwafo layin 1991, domin shi ne ya fi yawo. Idan fotokofin daga kundin 1987 aka yi shi, to lambar shafin ta kundi ce, layin manazarta kuwa na littafi. Wanda ya buɗe littafin a wannan shafi ba zai tarar da jimlar ba, kuma yana da haƙƙin ya yi zaton ƙirƙiro ta aka yi. Gane bambancin ba shi da wuya ga mai lura. Kundin wancan zamani yawanci rubutun tafireta ne ko na inji mai kama da ita, layuka a wawware, shafin littafi kuwa an tsara shi a maɗaba'a, sau da yawa da take a samansa. Bayan wannan, marubuci yakan rage wani abu, ya gyara wani, ko ya sauya ra'ayi a tsakanin kundi da littafi. Wanda ya jingina wa mutum maganar 1987 da shekarar 1991 yana iya ɗora masa abin da ya riga ya janye.

Kundin kansa yana da fuska biyu a APA. Idan kwafin takarda ne da ke ajiye a laburaren jami'a, to ba a buga shi ba, sai a rubuta shi kamar yadda aka nuna a sama, sunan jami'a ya zauna a gurbin inda za a same shi. Idan kuwa daga wani rumbu na intanet aka sauko da shi, kamar HAL ko ProQuest ko rumbun jami'ar kanta, APA yana ɗaukarsa a matsayin wanda aka wallafa. A wannan hali kalmar da ke nufin ba a buga ba takan fita, sunan jami'a ya koma cikin baka tare da nau'in digiri, sannan sunan rumbun da adireshinsa su biyo baya. Dalilin wannan sauyi yana da sauƙi: a hali na farko mai nema zai kama hanyar jami'ar ne, a na biyu kuwa zai buɗe rumbun.

Nau'in digirin ma sai an faɗe shi kamar yadda yake a bangon kundin. Laburarorin sashe a Yamai cike suke da kundayen metiriz da na DEA na kafin shigowar tsarin LMD, kuma ɗalibai da yawa sukan mayar da su duka mastar, wai don a fahimta. Hakan yana ɓatar da mai nema, domin a katalog da sunan asali aka shigar da su. Wani abin lura kuma shi ne sunan marubuci. Kundin dokta na Mahamane Laoualy Abdoulaye, wanda ya kare a Jami'ar Jihar New York da ke Buffalo a 1992 a kan nahawun Hausa, a ƙarƙashin Abdoulaye ake jera shi, domin da wannan suna marubucin yake wallafa ayyukansa. Sunayen mutanen wannan ƙasa ba su ginu a kan sunan iyali irin na Turai ba, saboda haka hanya mafi aminci ita ce a duba yadda mutum yake jera kansa a manazartan nasa rubuce-rubucen, a bi shi, kada a sauya daga wannan babi zuwa wancan.

Rahoton hukuma yana da tarko iri dabam. Kusan kowane kundi na nazarin harshe da al'umma yakan buɗe da yawan mutanen ƙasa, kuma kusan kowanne yakan rubuta INS da shekarar 2012 a cikin baka. Amma 2012 shekarar ƙidaya ce. A watan Disamba na wannan shekara aka yi ƙidayar jama'a ta huɗu, babu wani sakamako da ya fito kafin shekarar ta ƙare. Sakamakon wucin gadi ya fito a 2013, ya ce mutanen Nijar 17,129,076 ne. Sakamakon ƙarshe ya zo daga baya da 17,138,707. Tazarar mutum 9,631 ce, ƙarama idan aka auna da yawan jama'ar, amma ta isa ta nuna wa mai karatu mai kula cewa takardu biyu ne. Ɗalibin da ya rubuta adadi na biyu ya jingina shi ga takarda ta farko ya nuna da hannunsa cewa bai buɗe ko ɗaya ba. Shekarar da ke shiga baka ita ce ta fitowar takardar da aka karanta, 2012 kuwa tana zama inda take, a cikin take.

Mai aikin a nan hukuma ce, saboda haka sunanta ne ke buɗe layin, a rubuce cikakke. Gajeren sunan ana gabatar da shi a cikin rubutu karo na farko da aka ambaci hukumar, daga nan a ci gaba da shi, amma ba ya maye gurbin cikakken suna a shafin manazarta. Idan hukumar da ta rubuta ita ce ta buga, ba a maimaita sunanta a gurbin maɗaba'a. Idan rahoton yana da lamba, takan shiga baka ta yau da kullum bayan take.

```
Institut national de la statistique. (2013). Taken rahoto
    (lambar rahoto, in akwai). Adireshi
```

A daidai nan ne APA yake da rauni ga masu rubutu a wannan yanki, kuma ya kamata a faɗi hakan ba tare da kunya ba. Tun da aka cire sunan gari, babu abin da ya rage a layin da ke nuna ƙasa. Kamaru tana da hukuma mai wannan suna daidai, haka Tunisiya da Gini. Ɗalibin da ke kwatanta Hausawan Damagaram da na Garwa zai sami hukumomi biyu masu suna ɗaya a shafi ɗaya. Maganin shi ne a ƙara sunan ƙasa ga sunan hukumar, a layin manazarta da kuma cikin rubutu. Wani mai tsananin bin ƙa'ida zai ce littafin APA bai nuna haka a misalansa ba. Amma manufar tsarin, wato a iya gano aikin, ta fi ƙarfin misalan.

Haka lamarin yake ga dokoki. Babin APA na takardun shari'a ya dogara ne ga al'adar lauyoyin Amurka, ba shi da gurbin da ya dace da kudurin minista na Nijar. Alhali ɗalibin ilimin harsuna ba zai rasa ambaton kuduri mai lamba 0212 na watan Oktoba 1999, wanda ya tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, ko doka mai lamba 2001-037 ta 31 ga Disamba 2001 a kan harsunan ƙasa ba. Irin waɗannan takardu suna ɗauke da adireshinsu a cikin sunansu: nau'in takarda, lamba, kwanan wata cikakke, abin da ta ƙunsa. A rubuta waɗannan duka kamar yadda suke a kan takardar, a ƙara lambar jaridar gwamnati idan daga can aka karanta. Wanda ya rubuta sunan ma'aikata da shekara kaɗai ya bar mai nema a tsakiyar ɗaruruwan kudurorin da ma'aikatar ta fitar a wannan shekara.

Takardar taro da maƙalar da ba a kai ga bugawa ba sun fi dacewa a duba su tare, domin sau da yawa matakai ne na aiki ɗaya. NaijaSenti, aikin da Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokansa suka yi na tattara saƙonnin Twitter a Hausa da Igbo da Yarbanci da Turancin Buroka, ya fara bayyana a rumbun arXiv a watan Janairu 2022 da lamba 2201.08277. A watan Yuni na wannan shekara aka gabatar da shi a taron LREC a Marseille, ya kuma shiga littafin takardun taron. Ga wuri biyu ke nan da aiki ɗaya yake zaune, ban da bayanan kansu da ke ajiye dabam. Sigar arXiv ana rubuta ta da take cikin italik, sai sunan rumbun, sai DOI ko adireshi. Sigar littafin taro kuwa kamar babi a cikin littafi take shiga, da editoci da shafuka, kuma taken littafin taron ne ke ɗaukar italik. Da a ce jawabi ne kawai aka yi a zaure ba a buga komai ba, da sai a rubuta ranakun taron cikakku, a faɗi a cikin baka mai kusurwa cewa gabatarwa ce, a kawo sunan taro da garin da aka yi shi. Shi ya sa takardar da wani ya saurara a taron harsunan Cadi da wadda ta fito bayan shekara ɗaya ko biyu a jerin littattafan taron na maɗaba'ar Rüdiger Köppe ba sa ɗaukar shekara ɗaya.

Bambancin da ke tsakanin sigogin ya wuce na tsari. arXiv ba ya tura maƙala ga masu tantancewa, yana duba dacewarta da rumbun ne kawai, kuma marubuci yana iya sabunta ta duk lokacin da ya so, sigogin su jeru da alamar v1 da v2 a ƙarshen lamba. Adireshin da ba shi da wannan alama kullum yana kai mutum ga siga ta ƙarshe. Idan ɗalibi ya ɗauko adadi daga jadawalin siga ta farko, marubutan suka gyara shi a ta biyu, to adireshin da ya bayar zai kai ɗan juri ga adadin da ya saɓa wa nasa. Hanya mafi kyau ita ce, kafin a miƙa kundi, a sake duba kowace irin wannan maƙala ko ta fito a mujalla ko a littafin taro. In ta fito, a nemi sigar da aka buga, a tabbatar maganar da aka ɗauko tana nan, a sauya layin da lambar shafi tare. In kuwa ba a sami sigar da aka buga ba, saboda tsada ko rashin intanet, a ambaci wadda aka karanta da lambar sigarta. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ya fi a ari layin mujallar da ba a taɓa buɗewa ba.

Rumbun bayanai shi ne inda siga ta fi muhimmanci, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ɗalibi yakan rubuta cewa a cewar Glottolog harsunan Cadi kaza ne, ya liƙa adireshin shafin farko, shi ke nan. Glottolog kuwa yana fitowa ne siga bayan siga, ta 4.8 a 2023, ta 5.0 a 2024, kuma a tsakaninsu ana haɗe harsuna, ana raba wasu, ana sauya musu reshe. Lambar Hausa, haus1257, tana nan daram, amma adadin ƴan uwanta yana iya motsawa.

```
Hammarström, H., Forkel, R., Haspelmath, M. et Bank, S. (2024).
    Glottolog (Version 5.0) [Jeu de données]. Zenodo. DOI na sigar
```

A Zenodo kowane aiki mai sigogi yana da DOI iri biyu: ɗaya na aikin gaba ɗaya, wanda ke kai mutum ga siga mafi sabunta, ɗaya kuma na kowace siga. Na biyun ne ke shiga manazarta. Idan akwai shi, ba a bukatar ranar da aka duba shafin, domin APA yana neman wannan rana ne kawai ga abin da aka ƙera don ya riƙa sauyawa kuma ba a ajiye tsofaffin sigoginsa ba. WALS yana da nasa sharaɗin: kowane babi da marubucinsa, don haka wanda ya ɗauki bayanin karin sauti daga babi na 13 Ian Maddieson zai ambata, sunayen Dryer da Haspelmath su zo a gurbin editoci.

Wasu za su ce wannan duka wahala ce da Zotero ya ɗauke wa mutane. Ya ɗauke rabinta. Manhajar tana jera waƙafi da aya daidai, amma abin da aka cusa mata shi take jerawa. Kundin da ya shiga a matsayin littafi zai fito a matsayin littafi, ba baka, ba jami'a. Hukumar da aka shigar a gurbin suna mai gida biyu za ta fito a datse kamar sunan mutum, da baƙin farko na wata kalma a gefenta. Wasu kuma za su ce ɗalibin da ke fama da kuɗin fotokofi da ɗaukewar wuta bai kamata a ɗora masa lambar siga ba. Hujjar tana juyawa ne ga mai kawo ta. Inda laburare yake da komai, kuskuren shekara bai wuce a gyara shi cikin minti biyar ba. Inda kwafi ɗaya tak na kundin metiriz yake ajiye a wani kabad a Yamai, layin manazarta ne kaɗai zai gaya wa ɗalibar Maraɗi ko tafiyar ta cancanci kuɗin mota, da kuma abin da za ta tambaya idan ta isa.

Nauyin bai kamata ya tsaya a kan ɗalibai kaɗai ba. Kowane sashe yana iya fitar da takarda mai shafi biyu da ta faɗi tsarin da ya zaɓa, ta kuma yanke hukunci a wuraren da littafin APA ya yi shiru: yadda ake rubuta kundin metiriz da na DEA, yadda ake rubuta kuduri da doka, ƙara sunan ƙasa ga hukumomi, da harshen da kalmomin cikin baka za su ɗauka idan da Hausa aka rubuta kundin. Shi kuma ɗan juri, maimakon ya bi shafi shida da jan biro, zai fi gano gaskiyar aikin idan ya zaɓi layi uku kacal, kundi ɗaya, rahoto ɗaya, rumbun bayanai ɗaya, ya nemi ɗalibin ya buɗe masa shafin da ya ambata a kowanne.